Rijiyoyin fadamarmu suna yanke ruwa tun watan Maris: a ƙara zurfi ko a yi yaya?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ruwa. Garinmu yana gabas da Haɗejiya, noman rani ne abin dogaronmu, albasa da tattasai da ɗan alkama. Muna da rijiyoyin bututu kusan 40 a fadama, zurfinsu mita 10 zuwa 12. A da har mu cire albasa inji ba ya tari. Yanzu shekara uku ke nan, da Maris ya kama sai inji ya fara jan iska, ya ba da ruwa minti 20 ya yanke. Rijiyoyin guga na cikin gari ma sun ja baya, mata sai sun ƙara igiya. Wasu sun ce mu haɗa kuɗi mu yi burtsatse mai zurfi da sola. Kafin mu zuba kuɗi, ina so in san abin da ke faruwa a ƙasan nan.

Maihaƙa:
Wa alaikumus salam. Ni sana'ata ke nan, haƙar rijiyar bututu. Kafin ka zargi ƙasa, duba kayanka. Sau da yawa tiyo ne ya tsage yana shan iska, ko kuma tsagin da aka yi wa bututun a ƙasa ya toshe da laushin yashi. A wanke rijiyar, a canja tiyo, magana ta ƙare.

Ɗan Fadama:
Mun yi haka, Malam. Na sa an wanke tawa bara, na sayi sabon tiyo. Kuma ba ni kaɗai ba ne, kusan duk layinmu ne a lokaci guda.

Injiniyan Ruwa:
Maihaƙa ya yi gaskiya cewa daga nan ake farawa, amma idan layi guda ya kamu a wata guda, to ba tiyo ba ne. Akwai hanyar rabewa mai sauƙi. Da sassafe, kafin kowa ya tayar da inji, ka ɗaura ƙaramin ƙarfe a igiya ka zura cikin bututun har ka ji ya taɓa ruwa, ka auna daga bakin bututun. Idan ruwan yana inda ka saba samunsa amma inji ba ya ja, matsalar ta rijiyar ce ko ta injin. Idan kuwa ya sauka, kuma na maƙwabtanka ma ya sauka, to ruwan ƙasa ne ya ja baya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, injin da ke zaune a kan ƙasa yana tsotso ne, kuma tsotso yana da iyaka. A lissafi iyakar ta ɗan haura mita 10, amma a aikace da wuya ka samu injin ban ruwa ya ɗago ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7, yawancinsu ma daga mita 6 suke fara wahala. Girman inji ba ya sauya wannan, ko ka sayi mai inci 3 sabo fil. Saboda haka rijiyarka mai mita 12 tana iya kasancewa da ruwa mita 4 ko 5 a cikinta, amma a wurinka ta ƙafe, domin inji ba ya kai masa.

Ka ba ni awon safe idan kana da shi, da na ƙarshen damina in ka tuna.

Baba Alhaji:
'Ya'yana, ni na yi ban ruwa da jigo a fadamar nan ta ƙasar Haɗejiya tun ina saurayi. A lokacin, idan kogi ya kawo a Agusta, fadama gaba ɗaya tana shafewa, ruwa ya kwanta wata biyu ko uku, mu yi shinkafa, mu yi su. In ya janye, ka tona zurfin gaba guda ko biyu ka iske ruwa. Tun da aka datse Tiga abin ya fara sauyawa, aka zo aka ƙara Challawa. Ruwan da ba ya kwana a kan ƙasa ta yaya zai shiga cikinta?

Injiniyan Ruwa:
Allah ya ƙara girma, Baba, kun taɓo tushen maganar. An kammala Tiga a 1974, Challawa kuma a 1992, duka a saman kogin Haɗejiya. A irin ƙasarmu, inda ruwan sama na shekara bai fi milimita 600 da wani abu ba kuma rana tana shanye mafi yawansa, ba yayyafin da ke sauka a gona ne ke cika ruwan ƙasa ba. Wanda ke cikawa shi ne ruwan da ya taru ya daɗe a wuri guda: cikin kogi, fadamar da ambaliya ta shafe, tafki, kududdufi. Madatsun nan sun rage tashin kogi na damina, suna sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Faɗin ƙasar da ruwa ke kwantawa a dausayin Haɗejiya da Nguru ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1960, ga kuma farin 1973 da na 1984 da suka zo suka ƙara.

Malamin Firamare:
Ku gafarce ni, amma wannan magana ba ta shiga kaina ba. A 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Jigawa, kowa ya gani. A wajenmu ta gefen Nguru, ruwa ne ya yi mana yawa, gonaki sun jiƙe sun ƙi bushewa, ciyawar kachala ta cinye su. Ta yaya za a ce ruwan ƙasa yana raguwa a kogi ɗaya da wannan?

Injiniyan Ruwa:
Malam, abin da ka gani gaskiya ne, kuma bai karya maganar Baba ba. Kogin Haɗejiya yana rabuwa rassa-rassa: akwai na Kafin Hausa, akwai tsohon kogin Haɗejiya, akwai Burum Gana, akwai Marma da ke tafiya wajen Nguru. Da kogi ya daina bushewa da rani saboda sakin ruwan madatsa, sai kachala ta samu wurin zama, ta tare laka, ta toshe bakin wasu rassan. Ruwan sai ya karkata ya yi yawa a Marma. Ku kuna kuka da yawan ruwa, wanda ke kan reshen da ya toshe yana kuka da rashi. Sannan babbar ambaliya ta shekara guda tana ɗaga ruwan ƙasa a wannan shekarar, amma ba ta biyan bashin shekaru biyar da suka wuce ba a samu ba.

Abu Hafsat:
Ni dai a ganina duk sare itatuwa ne ya jawo. Babu daji, babu ruwa. A dasa itatuwa rijiyoyi su dawo.

Ɗan Maraɗi:
Ɗan'uwa, ina son itace kamar kowa, mu nan Maraɗi mun ga amfanin barin gawo da sauran itatuwa su tofo a gona. Amma maganar rijiya ba haka kai tsaye take ba. A yankin Yamai, masu bincike sun bi awon rijiyoyi suka ga ruwan ƙasa ya tashi kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali a cikin waɗannan shekarun ne aka yi fari mafi muni, kuma aka share daji aka mai da shi gonakin hatsi. Dalili shi ne, ƙasar da aka share ba ta riƙe ruwa, sai ya gangara ya taru a tafkuna, daga tafkunan ya nitse. Ba ina cewa a sare daji ba ne, domin zaizaya ta ci ƙasar. Ina nufin inda ruwa ke taruwa ya kwanta, nan ne ƙofar shigarsa. Mu ma nan lambunan Gulbin Maraɗi da gulbin suke rayuwa, kuma tsofaffi suna cewa tun da aka yi madatsar Jibiya bai ƙara kwanciya kamar da ba.

Abu Hafsat:
To amma ai itace yana jawo hadari.

Ɗan Maraɗi:
Wannan wata muhawara ce daban. Abin da na sani, itace mai dogon saiwa kamar turare yana shan ruwan ƙasa da rani, kada a jera shi a bakin fadama.

Ɗan Fadama:
Injiniya, na auna yau da asuba. Mita 6 da ɗan kai daga bakin bututu. Na tuna a Nuwamba da muka fara dashe, wajen mita 4 ne, domin na auna lokacin da zan yanka tiyo. Fadamar tamu za ta kai hekta 100, amma rabinta muke nomawa da rani. A rana, rijiyoyi wajen 20 ne ke aiki, kowa kamar awa 6.

Injiniyan Ruwa:
Madalla, yanzu muna da abin lissafi. Zan yi shi a kan ƙiyasi, ka gyara inda ka fi ni sani.

Injin fadama mai inci 2 ko 3, a kan rijiyar bututu, mu ce yana ba da lita 5 a daƙiƙa. A awa 6 ya fitar da lita 108,000. Injuna 20 a rana, lita miliyan 2 da ɗoriya ke nan. Daga Nuwamba zuwa Maris kwana 120, kun ɗebi wajen lita miliyan 260. Wannan adadi bai yi yawa ga hekta 50 na albasa da tattasai ba, kusan abin da suke bukata ke nan, saboda haka ba ɓarna nake zarginku da ita ba.

Yanzu sai mu duba abin da ke ƙasa. Ruwan fadama ba tafki ba ne a ɓoye, yana cikin ƙofofin yashi ne. Ka cika kwano da yashi ka zuba ruwa har ya ƙoshi, sannan ka huda gindin kwanon: abin da zai tsiyayo kaɗan ne, sauran ya maƙale. A yashin fadama mai gauraye da laka, mu ɗauka kashi 1 cikin 10 ne ke fitowa. Ma'ana, a hekta guda, kowane mita na zurfin yashi yana ba da lita miliyan 1. Hekta 100, lita miliyan 100 a kowane mita. To kun ɗebi miliyan 260, ruwan zai sauka mita 2.6. Wani ɓangare na abin da kuka zuba a gona yana komawa ƙasa, wani kuma yana shigowa daga gefe, shi ya sa ka ga mita 2 a awonka, daga 4 zuwa 6.

Ga inda inji ke tari. Mita 6 ɗin nan na safe ne, ruwa yana hutawa. Da ka tayar da inji, ruwan da ke kewaye da bututunka yana ƙara nitsewa, mu ce mita 1 zuwa 1.5, in na maƙwabcinka yana kusa kuma yana aiki, ya ƙara maka. Cikin minti 20 ka kai mita 7.5, inji ya saki. Ka kashe, ka jira, ruwa ya dawo, ka sake samun wasu mintoci. Daidai abin da ka kwatanta.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce ta damina. Idan kuna sauke ruwan mita 2 kowane rani, damina kuma tana mayar da mita 1.5 kaɗai, to kowace shekara kuna farawa rabin mita ƙasa da bara. Shekara huɗu, mita 2. Wanda a da yake fara rani daga mita 2 ya ƙare a 4, bai taɓa jin komai ba. Yau yana farawa daga 4 ya ƙare a 6. Ba a ji abin yana zuwa ba, sai ranar da aka ƙetare iyakar tsotso, sai kowa ya ɗauka dare ɗaya ya faru.

Maihaƙa:
Lissafin ya zauna. Amma Injiniya, akwai dabara da muke yi. A tona rami mita 1.5 ko 2 a gefen rijiyar, a yanke bututun, a saukar da inji ciki. Ka sayi mita 2 ke nan da kuɗin lebura kawai.

Injiniyan Ruwa:
Tana aiki, kuma ga wanda albasarsa ta rage mako uku a cire, ita zan ba shi. Sharaɗi biyu. Ramin ya zama mai faɗi da gangare, kada a yi shi a tsaye cikin yashi, yana ruftawa. Na biyu, hayaƙin inji yana taruwa a rami, kada kowa ya zauna ciki inji na aiki, kuma kada a taɓa zura injin fetur cikin rijiyar guga mutum ya bi shi, wannan hayaƙin ba ya gargaɗi kafin ya kayar da mutum. Sai dai a sani, ramin bai ƙara ɗigon ruwa a ƙasa ba. In kowa ya tona, za ku ci gaba da ɗiba har mita 8, daminar da ba ta iya mayar da mita 2 ba sai a ce ta mayar da 4.

Maman Sadiq:
Don Allah ku ba ni dama, ni tawa ta gida ce. Rijiyarmu ta tsakar gida tun zamanin surukata ba ta taɓa ƙafewa ba. Wani maƙwabci ya yi burtsatse da sola yana sayar da ruwa ga 'yan garuwa, tun daga nan sai dai mu kankare laka da asuba. Mun sa an yashe ta, babu sauyi. Shi kuma ya ce nasa yana mita 40, ba ruwansa da tamu. Gaskiya ne?

Injiniyan Ruwa:
Hajiya, zurfin ramin ba shi ne hujja ba. Abin tambaya shi ne a ina aka sa matatar bututun, kuma akwai laka mai kauri tsakanin yashin da kike sha da wanda yake sha? Idan akwai, kuma an toshe saman burtsatsen da siminti yadda ya kamata, yana iya yin gaskiya. Amma masu haƙa da yawa suna sa matata a duk inda suka ga ruwa, su cika gefen da tsakuwa har sama, sai ruwan sama ya riƙa gangarawa ta nan. Ki gwada: ki auna rijiyarki da asuba da kuma la'asar na kwanaki. Sola da rana take aiki. In ruwanki yana sauka da rana fiye da abin da kuke ɗiba, ya dawo da dare, kuma ranar da injinsa ya tsaya ko aka yi hazo mai kauri rijiyarki ta samu sauƙi, to kuna shan ruwa ɗaya.

Maman Sadiq:
Na gode, Allah ya saka. In ta tabbata kuma, wa zan kai wa ƙara?

Baba Alhaji:
'Yata, fara da mai unguwa da liman, a zauna da shi cikin mutunci. Maƙwabci ne, kuma ruwa ba abin gaba ba ne.

Saurayin Kano:
Ni ban ga abin dogon lissafi ba. Ku yi burtsatse mita 100, ku sa sumo da sola, ku huta da fetur. Mu a unguwarmu haka kowa ya yi.

Maihaƙa:
Kai ƙanena, ƙasar Kano daban, ta gabashin Haɗejiya daban. A yawancin Kano in ka wuce mita 30 ko 40 dutse za ka tarar, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne da tsagogi. Na ga wanda ya biya mita 100 ya samu ƙura. Su kuwa can yashi ne da laka hawa-hawa, zurfi yana iya ba da ruwa.

Injiniyan Ruwa:
Yana iya bayarwa, amma a san irin ruwan. A kwarin tafkin Chadi, hawan ƙasa-ƙasa da laka ta rufe, ruwansu tsoho ne, ya shiga tun zamanin da yankin ya fi yanzu damshi, shekaru dubbai, kuma abin da ke shiga yanzu kaɗan ne ƙwarai. A Borno, burtsatsen da aka haƙa wajen shekarun 1960 da kansu suke feso ruwa ba inji. Aka bar da yawansu suna zuba dare da rana, ƙarfin ya yi ta raguwa, wasu suka daina. Don shan mutane da dabbobi, ina goyon bayan burtsatse mai zurfi guda a gari, a yi shi da kyau, a rufe hawan sama. Don shayar da hekta 50 kuwa ina da shakka. Sola ma tana da nata: mai injin fetur yana kashewa saboda tsadar mai, mai sola ba abin da ke sa shi kashewa tun hantsi har la'asar. Kuma in sumo ɗin a yashin sama aka sa shi, zai bi ruwan har inda masu injin tsotso da masu guga ba za su kai ba, su ne za su fara rasawa.

Saurayin Kano:
To a zauna haka ke nan, albasa ta bushe?

Injiniyan Ruwa:
A'a. Ga abin da zan yi in ni ne a garin. A zaɓi rijiyoyi 3, ɗaya kusa da kogi, ɗaya tsakiyar fadama, ɗaya cikin gari, a riƙa auna su da asuba ranar 1 ga kowane wata daga alama guda, a rubuta. Awon da ya fi muhimmanci shi ne na ƙarshen Oktoba, domin shi ne ke nuna abin da damina ta ajiye. In Oktoba ta same ku a mita 4, kun san kuna da mita 2 kafin inji ya fara tari, wato wajen lita miliyan 200 da abin da ke komawa ƙasa, sai ku yanke faɗin da za ku dasa a kan haka, ku kuma dasa da wuri don ku cire kafin zafin bazara. Rijiyoyin da ke kusa da juna su yi karɓa-karɓa, kada su tashi a awa guda. Shinkafar rani a ƙasa mai yashi tana iya shan ninki biyu na albasa ko fiye, a kai ta inda laka take kusa da kogi. Sannan bakin reshen da ke kawo muku ruwa: in kachala da laka ne suka toshe shi, aikin gayya na share shi kafin damina zai fi muku sabuwar rijiya 10 amfani, kuma wannan magana ce da za ku kai wa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a ƙungiyance.

Malamin Firamare:
Nan ne zan goyi bayanku, domin duk ruwan da ya bi ta wajenku an rage mana shi ne. Amma na ga an share, bayan shekara biyu kachalar ta dawo. Wa zai riƙa biyan aikin kowace shekara?

Ɗan Fadama:
Awon zan fara, wannan a hannuna yake. Karɓa-karɓa ma ina ganin za a yarda. Rage faɗin gona ne ban san yadda zan faɗa wa mutane ba. Akwai masu haya da suka biya kuɗin fili tun kaka, akwai wanda ya ci bashin taki. In na ce kowa ya rage kashi ɗaya cikin huɗu, mai hekta 5 zai iya, mai rabin hekta da iyali 9 fa?

Baba Alhaji:
Kada ka kai maganar kai kaɗai, ɗana. Ka bari littafin awon ya yi wata shida, sannan ku je wurin sarkin noma da shi, shi ya tara mutane. Kuma a fara da masu manyan filaye da masu shinkafa a kan yashi, kada a taɓa mai rabin hekta tukuna.

Maihaƙa:
Injiniya, wata tambaya kafin ka tafi. Akwai tsohon kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini a bayan wani gari da nake aiki, yanzu ana son cike shi a yanka filaye. Rijiyoyin unguwar duk gajeru ne, mita 8 zuwa 9. Cikewar za ta taɓa su?

Injiniyan Ruwa:
Ya danganta da gindinsa. In ruwansa yana raguwa da sauri bayan an ɗauke ruwa, ya ƙafe kafin Disamba, to yana nitsewa ne, kuma akwai yiwuwar shi ke ciyar da rijiyoyin. In yana kaiwa bazara da ruwa kore, laka ta rufe gindin, rana ce kawai ke shansa. Ka kafa sanda mai alama a ciki ƙarshen damina. Rana ba ta shan fiye da wajen santimita 1 a yini, saboda haka in ka ga yana sauka santimita 3 ko 4 ba mai ɗiba, sauran ƙasa yake shiga. Ka kuma duba ko kwatamin unguwa da masai suna zuba ciki, domin in haka ne, abin da ke nitsewa zuwa rijiyoyin yana bukatar a kai shi gwaji kafin a yi maganar a bar kududdufin ko a cike.